Shekara uku ya rage wa janaretanmu: nawa zan riƙa zubawa duk wata?

Maman Hanif: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema, ta lissafi. Muna da ɗan wurin buga takardu, kuma janareta mai amfani da dizal shi ke riƙe da aikin. Wanda yake duba mana shi ya ce idan muka ci gaba da kula da shi, zai iya ƙara kamar awa 6,000 kafin gyaransa ya fi ƙarfin amfaninsa. Mukan kunna shi awa 6 a rana, kwana 26 a wata, wato awa 156. Da na raba sai na ga wata 38 da ɗoriya, saboda haka na yanke cewa nan da wata 36 sabo ya shigo. Irinsa yau miliyan 4 ne. Akwai asusun ajiya da aka ce yana ba da kashi 12 cikin 100 a shekara. Ina so in buɗe shi da sunan injin kawai, in riƙa zubawa duk ƙarshen wata. Nawa ya kamata in zuba? Na raba miliyan 4 gida 36 na samu 111,111, amma na san kuɗin ruwan zai rage wani abu, ban san nawa ba.

Sadiku: Wa alaikumus salam. Hajiya ai wannan mai sauƙi ne. Kashi 12 a shekara kashi 1 ne a wata, kuma idan ruwan yana hawa kan ruwa na wata 36, kuɗi yana ninkuwa sau 1.43. Ki ɗauki 111,111 ɗin ki raba da 1.43, zai ba ki wajen 77,700. Shi za ki riƙa zubawa.

Malam Akanta: Sadiku, 1.43 ɗin da ka kawo daidai ne, amma inda ka sa shi ne kuskure. Kuɗin da ya zauna a asusun wata 36 cur shi ne yake ninkuwa haka. Ita kuwa ba a rana ɗaya za ta zuba kuɗin ba. Zubin farko a ƙarshen watan farko zai shiga, ya yi wata 35. Na biyu ya yi 34. Haka za su yi ta raguwa har na ƙarshe, wanda zai shiga ranar da za a cire kuɗin, bai haifi ko sisi ba. Kai ka ba kowane zubi ruwan wata 36, alhali a matsakaici rabin haka suke samu.

Amma kafin mu zo nan, Hajiya, miliyan 4 ɗin ce ta fi damuna. Farashin yau ne, ke kuwa nan da shekara uku za ki saya. Ba fa tambayar banki ba ce wannan, tambayar dillalan inji ce. Ki nemi ki san nawa irin wannan injin yake shekara biyu ko uku da suka wuce, ki gwada da na yau, ki ga yadda yake tafiya. Sannan ki gaya mana abu biyu: nawa ake kashewa wajen ɗauko shi da girka shi, kuma nawa kike tsammanin za a sayi tsohon.

Maman Hanif: Malam na duba takardunmu, na kuma tambaya. Yana hawa kamar kashi 10 a shekara. Ɗauko shi da haɗa wayoyi da gyara inda zai zauna, mu ce 280,000. Tsohon kuwa an ce ba zai gaza 600,000 ba.

Malam Akanta: Madalla. To mu bi shi a hankali. Miliyan 4 idan ta hau kashi 10 ta zama 4,400,000. Shekara ta biyu 4,840,000. Ta uku 5,324,000. Ƙara kuɗin ɗauko da girkawa, 5,604,000. Cire abin da tsohon zai kawo, saura 5,004,000. Mu ce miliyan 5. Wannan ita ce lambar da za ki sa a gaba, ba miliyan 4 ba.

Ba tare da wani ruwa ba, miliyan 5 gida 36 ta kama 138,889 a wata. Da ruwan kashi 1 a wata, ƙa'idar ita ce:

```
zubi = buri * i / ((1 + i)^n - 1)
```

`i` shi ne ruwan wata ɗaya, 0.01, `n` kuma yawan watanni, 36. Idan kika ninka 1.01 da kansa sau 36 za ki samu 1.430769. Cire 1, saura 0.430769. Raba da 0.01, ya zama 43.0769. Ma'anar wannan lamba ita ce, zubi 36 da za ki yi za su taru su yi nauyin zubi 43 da ɗan kai. Bakwai ɗin da suka ƙaru su ne duk abin da ruwan ya yi miki. Miliyan 5 a raba da 43.0769 ta ba da kusan 116,072 a wata.

Wanda yake da Excel ko makamancinsa a waya ya rubuta wannan zai ga amsar:

```
=PMT(12%/12,36,0,-5000000)
```

Daga aljihunki kenan za ki fitar da 4,178,592 a shekara ukun, asusun ya ƙara miki wajen 821,000.

Sadiku: Malam na gane maganar farashin. Amma bambancin hanyata da taka ba zai yi yawa ba ai, tunda ruwan ɗaya ne.

Malam Akanta: Gwada ka gani, ɗan'uwa. Ta hanyarka, 138,889 a raba da 1.430769 ya zama 97,073. Idan ta zuba wannan wata 36, abin da za ta tarar shi ne 97,073 sau 43.0769, wato kusan 4,181,600. Giɓin ya haura 800,000. Kuma abin da ya sa wannan kuskure yake da haɗari shi ne ba ya nuna kansa da wuri. A shekarar farko asusun yana cika, zuciya tana kwance, sai an je gaban mai sayar da inji a gane ba a kai ba.

Sadiku: Na buga, haka ne. Na janye. Allah Ya ƙara basira, Malam.

Alhaji Mai Firiji: Ni dai Hajiya shawarata kada ki yarda da wannan tsarin biyan wata-wata. Na taɓa karɓar injin sanyaya kaya a haka, wata 36 su ma suka ce, da ruwa. Kafin in gama biya injin ya fara ciwo, ina biyan bashi ina biyan gyara. Da na haɗa abin da na biya ya kusa kuɗin inji ɗaya da rabi. Ki yi haƙuri ki tara kuɗinki ki saya hannu da hannu.

Maman Hanif: Alhaji ai abin da nake son yi kenan. Ba bashi zan ci ba, tarawa zan yi, ruwan ni za a ba, ba ni zan biya ba.

Alhaji Mai Firiji: Au, to na karanta da gaggawa, a yi mini afuwa. Da na ga wata 36 da kuɗin ruwa sai tsohon mikina ya motsa.

Malam Akanta: Alhaji labarinka bai fita daga magana ba, domin shi ne ɗaya fuskar lissafin. A ce ba ta tara komai ba, ranar ta zo, ta ci bashin miliyan 5 ɗin na wata 36. Ko da a kan kashi 1 ɗin nan aka ba ta, za ta biya 166,072 a wata, wato daidai 50,000 sama da zubin ajiya. To kuma ba a cika ba da bashi a kan abin da ake ba mai ajiya ba. A kashi 2 a wata, biyan ya kai 196,164, jimilla ta haura miliyan 7. Inji ɗaya ne, mai tarawa ta fitar da miliyan 4.2, mai bashi ta fitar da miliyan 7.

Bakanike: Ni ba ni da ta cewa a lissafin banki, amma a kan ranar da aka sa ina da magana. Hajiya, awa 6,000 ɗin nan ƙiyasi ne, mu ma da muke faɗa daga ƙarar injin da kalar hayaƙinsa da yadda yake shan baƙin mai muke faɗa. Kuma inji ba ya ƙirga wata, awa yake ƙirgawa. Kin yi lissafi da awa 6 a rana. Idan aiki ya buɗe ko wuta ta ƙara lalacewa kuka koma awa 8, awa 208 kenan a wata, kuma 6,000 ɗin za ta ƙare a ƙasa da wata 29. Wata bakwai kenan kafin kuɗinki su cika.

Akwai agogon awa a jikin allon injin. Ranar da za ki yi zubi, ki sa yaro ya karanto miki shi ki rubuta a gefen kuɗin. Idan kin ga kuna haura 156 wata bayan wata, ki san ranarki ta matso ko da kalanda ba ta faɗa ba.

Sannan ki lura da waɗannan. Hayaƙi mai shuɗi-shuɗi alama ce ta baƙin mai yana shiga inda ake ƙona dizal, yawanci zoben fistan ne ya ci. Idan a da ba kwa ƙara baƙin mai tsakanin juye da juye, yanzu kuma sai an ƙara, ki fara rubuta yawan abin da ake ƙarawa. Wahalar tashi da safe alhali batir lafiya lau, da numfashin da yake yi idan an ɗora masa kayan da a da yake ɗauka ba gardama, duk ciwo ɗaya suke nunawa. Baƙin hayaƙi kuwa kada ya tsorata ki da wuri, sau da yawa matatar iska ce ta toshe ko bakin feshin mai ke son gyara ko kaya ya yi masa yawa, kuma waɗannan ana maganinsu da kuɗi kaɗan.

Maman Hanif: Na gode ƙwarai. Ban taɓa haɗa agogon nan da maganar ajiya ba. To Malam Akanta, idan hakan ta faru a wata na 29, ina nake?

Malam Akanta: Kina da zubi 29 da ruwansu, wajen 3,880,000. Ba ki kai ba, amma ba hannu rabbana kike ba, abin da za ki nema a waje ya zama kaɗan. Ki riƙe waɗannan lambobi biyu a matsayin alamun hanya: ƙarshen wata na 12 ya kamata asusun ya nuna kusan 1,472,000, ƙarshen wata na 24 kuma kusan 3,131,000. Kada ki damu da kin ga shekarar farko ba ta kai kashi ɗaya cikin uku na miliyan 5 ba. Haka abin yake tafiya, yawancin ruwan a shekarar ƙarshe yake zuwa, lokacin da kuɗin ya yi kauri.

Idan kuma kina son ki tabbatar bankin yana yin abin da ya ce, ba sai kin jira shekara ba. Wata na farko 116,072. Wata na biyu a ƙara masa ruwan 1,161 da sabon zubi, ya zama kusan 233,305. Wata na uku kusan 351,710. Idan takardar bayanin asusun ta nuna 348,216 cif, wato zubi uku kawai ba ƙari, to ko ba wata-wata suke sa ruwan ba, ko akwai sharaɗin da ba a gaya miki ba. Ki je ki tambaya a lokacin.

Ummu Sultan: Maganar sharaɗin nan ita na shigo in yi. Na yi aikin karɓar kuɗi a wata cibiyar ajiya, kuma abin da aka fi rigima da mu a kansa kenan. Kafin ki sa hannu, Yaya, ki tambaye su a rubuce: kashi 12 ɗin nan tabbatacce ne har shekara uku, ko suna da ikon sauya shi? Ana cire haraji daga ruwan? Idan kin cire kuɗi kafin wa'adi, me kike rasawa? Akwai asusun da idan ka taɓa shi fiye da adadin da suka yarda a wata, ruwan watan gaba ɗaya ya tafi. Kuma ajiyar wa'adi yawanci dunƙule take karɓa, ba ta karɓar ƙari duk wata. Waɗanda na ga sun ci moriyarta, tarawa suke yi a asusu na yau da kullum, duk wata uku ko shida su kwashe su ɗaure a ta wa'adi, su tsara yadda duka za su nuna kafin ranar sayen. Na ga wanda kuɗinsa suka cika amma wa'adin ya wuce ranar da yake buƙata da wata biyu, ya fasa, aka zaftare masa ruwan.

Malam Akanta: Wannan gaskiya ce, kuma ga nauyinta a lamba. Idan ana cire kashi 10 na ruwan a matsayin haraji, ruwan wata ya koma 0.9 cikin 100, zubin ya zama kusan 118,220. Ƙari ne na dubu biyu da wani abu, ba ya kashe mutum. Wanda ya fi ciwo shi ne a ce ruwan ya faɗo rabi, kashi 6 a shekara, ita kuma tana nan a kan 116,072. Za ta tashi da kusan 4,566,000, giɓin 434,000. Shi ya sa ni idan nawa ne, ba na lissafi da lambar da ke jikin talla. Nakan ɗauki ƙasa da ita, idan ta zo da yawa rarar ta zama ta girka inji.

Baba Kafinta: 'Ya'yana ku bar ni in faɗi nawa, domin ni na yi wannan abin kuma ban kai ba. Injin yanka katako na so in sauya. Na ware asusu, na fara da kyau. A wata na huɗu kasuwa ta tsaya, na ce bari in ɗaga wata uku, idan ta buɗe in rama. Ta buɗe, ban rama ba, sai na ci gaba da zubin da na saba kamar babu abin da ya faru. Daga baya kuma bel ya tsinke, moto ya ƙone, duk daga asusun na ɗiba, ina cewa ai na injin ne. Ranar da na sa ta zo, abin da ke ciki bai kai kashi biyu cikin uku ba. Lissafina ba shi da laifi, hannuna ne. Hajiya, idan akwai yadda bankin zai riƙa cire kuɗin da kansa ranar da kika san ciniki ya shigo, ki yi haka. Kuma kada katin cire kuɗi ya zauna a jakarki.

Malam Akanta: Baba Allah Ya saka da alheri, abin da ka faɗa ya fi lissafina amfani. Bari in sa masa lamba a kan na Hajiya. Idan ta tsallake wata na 4 da na 5 da na 6, a idonta 348,216 ta rage. Amma waɗannan zubi uku da sun zauna wata 32 da 31 da 30 suna haihuwa, don haka abin da zai ɓace a ranar ƙarshe kusan 474,000 ne. Zubin farko-farko su suka fi tsada a tsallake. Kuma kuɗin gyara daban, kuɗin sauyawa daban. Juyen mai da matata da batir, kuɗin gudanar da aiki ne na kowane wata, ba su da hurumi a wannan asusun.

Bakanike: A nan kam Malam ban bi ka duka ba. Juyen mai da matata na yarda. Amma a ce a wata na 20 injin ya nemi babban gyara, a sauke shi a sa zobe da mazaunin ƙarfe sababbi, na kamar 700,000, kuma gyaran zai ƙara masa shekara ɗaya da rabi. Wannan ai ranar sauyawar ya tura gaba. Me zai hana a ɗauka daga asusun, tunda an samu ƙarin watannin cikewa?

Malam Akanta: Idan da gaske zai ƙara wata 18, lissafi zai iya goyon bayanka, sai a sake buga komai da sabuwar rana da sabon farashi, domin kada ka manta sabon injin yana ci gaba da tsada a watannin da aka ƙara. Tsorona shi ne ƙofar da aka buɗe. Wa zai tabbatar mata da wata 18 ɗin? Kuma da zarar an ɗiba sau ɗaya da hujja, na biyu ba ya neman hujja.

Bakanike: Ba mai tabbatarwa, amma awa 6,000 ɗin ma ba wanda ya tabbatar. Ni dai na ga injinan da gyara ɗaya mai kyau ya raya su, na kuma ga waɗanda aka zuba wa kuɗi suka mutu bayan wata huɗu. Ya danganta da lafiyar ƙarfen ciki, sai an buɗe ake sani. Ban yarda a ce ko kusa kada a taɓa ba.

Ummu Sultan: Ni kuma 600,000 na tsohon injin ne bai kwanta mini ba. Sai sabo ya zo ya zauna za a cire tsohon, sannan a nemi mai saye, mai sayen kuma ya san kina son ki rabu da shi. Wato ranar da za ki biya dillali, wannan kuɗin bai shigo ba. Idan kuwa injin ya buga kafin lokacin, a kilo za a auna shi. Da ni ce 5,600,000 zan sa a gaba.

Malam Akanta: Hakan ya fi aminci, zubin zai koma 130,000 a wata. Hajiya ce ta san ko aikin zai ɗauki wannan. Zubin da ya fi ƙarfin ciniki shi ake fara tsallakewa, mu dawo kan labarin Baba. Wani dillalin kuma yana karɓar tsohon a musaya ya rage daga farashi, sai dai a rahusa yake karɓa.

Abban Zahra: Ni tambayata daban ce. Ba na karɓar kuɗin ruwa, dalilina na addini ne, kuma ina da injin niƙa da nake son in yi wa irin wannan tsari. Lissafin nan ya shafe ni?

Malam Akanta: Ya shafe ka sosai, Malam. Duk abin da muka faɗa a kan farashin gaba da kuɗin girkawa da agogon awa da raba asusu, naka ne. Abin da ya sauya kawai shi ne rabawar: burinka gida yawan watanni. A misalin Hajiya 138,889 ne maimakon 116,072, bambancin 22,817 a wata. Idan kuma ka sa kuɗin a asusun da ake raba riba bisa kasuwancin da aka yi da su, ribar ba tabbatacciya ba ce, tana iya yawa tana iya ƙanƙanta. Don haka ka fara zubi kamar ba za ta zo ba, duk shekara ka duba abin da ya shigo da gaske, ka rage zubin da ya rage daidai da shi.

Sadiku: Malam wani abu ya tsaya mini. Farashin yana hawa kashi 10, ajiyar tana ba da 12. Ashe ribar gasken ba ta kai kashi 3 ba. Idan farashin ya koma hawa kashi 20 fa? Ai kullum injin yana gudu yana barin ta. Ba gara ta ci bashi ta saya yau a miliyan 4 ba?

Malam Akanta: Wannan karon tambayarka tana da ƙarfi. Idan tsadar ta fi ruwan bashi gudu, akwai lokacin da saye da wuri ya fi. Amma ka haɗa da abin da za ta zubar: awa 6,000 na aikin da tsohon bai yi ba tukuna, da kuma sabon da zai fara tsufa shekara uku kafin lokacinsa. Ba zan iya yanke wannan daga nesa ba, sai an san ruwan bashin da za a ba ta da gaske. Abin da zan iya cewa shi ne yadda za ta gane injin ya fara barin ta, da abin da za ta yi.

A ƙarshen wata na 12 ta koma wajen dillalai. Lissafinmu ya ce ta ji 4,400,000. A ce ta ji 4,800,000. Sai ta ɗora kashi 10 sau biyu a kan wannan, 5,808,000, ta ƙara na girkawa ta cire na tsoho, burin ya koma wajen miliyan 5.5. Abin da ke asusun, 1,472,000, zai girma da kansa ya kai kusan 1,869,000 a wata 24 da suka rage. Saura 3,631,000 da sababbin zubi za su kawo. Zubi 24 a kashi 1 suna yin nauyin 26.97, don haka sabon zubin kusan 134,600 ne.

```
=PMT(1%,24,-1472083,5500000)
```

Zai fito da alamar ragi a gabansa, ma'anarsa kuɗin da ke fita daga hannunki. Ƙarin 18,500 ne a wata, mutum zai iya haɗiye shi. Amma idan ba ta leƙa kasuwa ba sai a wata na 30, wannan rabin miliyan ɗin a wata shida za ta nemo shi, ƙarin sama da 81,000 kowane wata a kan zubin da ta saba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Inda farashi ba ya zama wuri ɗaya ma, duk wata shida ya kamata a yi wannan dubawar.

Baba Kafinta: Wannan dubawar ita ce ban yi ba. Farashin da na ji ranar farko shi na riƙe a kaina har ƙarshe.

Bakanike: Ƙari ɗaya Hajiya. Idan girman da kike so ba ya ajiye a kasuwa sai an yi oda, ki tambayi dillalin tun yanzu sati nawa yake ɗauka, da kuma kashi nawa suke karɓa kafin alƙalami. Idan wata biyu ne, to wani kaso na kuɗin a wata na 34 ake buƙatarsa, ba na 36 ba. Kuma kafin ki tsayar da farashi, a auna kayan da kuke ɗora masa yanzu. Idan kun ƙara na'ura tun bayan sayen wannan, mai yiwuwa ba irinsa za ki saya ba, na gaba da shi ne.

Maman Hanif: Kai, wannan ta ƙarshen ta taɓa ni, domin mun ƙara na'urar yanka takarda bara, kuma muna maganar wata. Zan sa a auna a satin nan kafin in tsayar da lamba. Ga inda na tsaya a yanzu: zan fara da 125,000, bankin ya riƙa cirewa da kansa. Na san bai kai na Ummu Sultan ba, amma shi ne abin da na tabbata ba zan tsallake ba ko a watan da ciniki ya ja baya. Gobe zan je da tambayoyin nan uku a rubuce. Maganar ɗiba don babban gyara kuwa ban yanke ba, zuciyata tana wajen Malam Akanta, amma ina jin idan ranar ta zo Bakanike zan kira.

Malam, idan na zuba a farkon wata maimakon ƙarshe, akwai bambanci?

Malam Akanta: Akwai, kowane zubi ya sami ƙarin wata ɗaya na ruwa. A burin miliyan 5, zubin ya sauko daga 116,072 zuwa 114,922. A 125,000 ɗinki kuwa, ƙarshen wata zai tara miki kusan 5,385,000, farkon wata kusan 5,438,000. Ki zaɓi ranar da kuɗi ya fi zama a hannunki, bambancin bai kai a takura kai a kansa ba. Idan an auna kayan ki kawo mana girman injin da farashinsa, mu sake bugawa.